Wa'azi bayan abin kunya ya faɗo wa shugaban addini: abin da ya faru a ƙasar Chile a 2018

Duk lokacin da aka bankaɗo wata ta'asa da ake dangantawa da babban malami, ko limami, ko fasto, akwai ranar da ba ta da makawa, wato Juma'a ko Lahadin da ke biye, lokacin da wani zai hau mumbari ya fuskanci jama'ar da ta kwana tana jin labarin a rediyo da wayoyin hannu. Mabiya sukan rabu a kan abin da ya kamata ya faɗa. Wasu suna ganin shiru ya fi, domin tonon silili a kan mumbari giba ce kuma yana ba maƙiya addini dama. Wasu kuma suna ganin shirun kansa goyon bayan mai laifi ne. Tsakanin Janairu da Yunin shekarar 2018 Cocin Katolika ya gwada kusan dukkan hanyoyin nan a ƙasar Chile, a bainar jama'a, kuma ta bakin shugabansa na duniya, marigayi Fafaroma Francis. Shi ya sa lamarin ya dace da nazari, ko ga wanda ba Kirista ba.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Zargi daban ne da abin da bincike ya tabbatar, kuma mai wa'azin da bai bambance su ba zai zalunci ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu. Zargi shi ne maganar wanda ya ce an cuce shi, tun ba a saurari wanda ake tuhuma ba. Abin da ya tabbata kuwa shi ne wanda kotu ko kwamitin bincike ya yanke, ko wanda mai laifin ya amsa da bakinsa.

Musu a nan ya wuce cewa “bai faru ba”. Ya haɗa da ɓata sunan mai ƙorafi, da jingina lamarin ga makircin abokan hamayya tun ba a duba ba, da ci gaba da wa'azi a kan wani babi dabam kamar ba abin da ya auku. Uzuri kuwa ya fi musu wayo, domin yana amsa cewa abin ya faru, sannan ya rage masa nauyi: a ce sharrin Shaiɗan ne, ko ɗan Adam ajizi ne, ko a yi ta lissafa masallatai da makarantun da mutumin ya gina. Kowace daga cikin maganganun nan tana iya zama gaskiya a karan kanta. Abin da ke mayar da ita uzuri shi ne gurbin da aka ajiye ta, wato inda ya kamata a ambaci wanda aka cuta.

Akwai kuma bambanci tsakanin laifin mutum ɗaya da laifin hukumar da ke sama da shi. A yawancin irin wannan badaƙala, abin da ya fi karya amana shi ne gano cewa an daɗe da kai ƙara ga manya, suka danne.

Yadda lamarin Chile ya faro

Fernando Karadima limamin Katolika ne mai kwarjini a cocin unguwar El Bosque da ke Santiago, babban birnin ƙasar. Ya horar da limaman coci da dama, har huɗu daga cikin almajiransa suka zama bishop. Ƙorafin cewa yana lalata da matasan da ke ƙarƙashin tarbiyyarsa ya isa ga shugabannin cocin Santiago tun wajajen 2003, amma ba a ɗauki matakin a-zo-a-gani ba sai da waɗanda abin ya shafa suka fito a talabijin a watan Afrilun 2010. A farkon 2011 fadar Vatican ta same shi da laifi, ta hana shi hidima a bainar jama'a, ta umarce shi da ya ƙare rayuwarsa cikin addu'a da tuba. A ƙarshen shekarar wata mai shari'a ta ƙasar ta ce ta gamsu da gaskiyar shaidun, sai dai wa'adin da doka ta tanada na gurfanar da shi ya riga ya wuce. Shi Karadima bai amsa laifin ba.

Rikicin ya sake tashi a Janairun 2015, lokacin da Fafaroma ya naɗa ɗaya daga cikin almajiran nan, Juan Barros, bishop na garin Osorno a kudancin ƙasar. Waɗanda Karadima ya cuta sun ce Barros yana nan ana yin abin, ya gani ya yi shiru. Barros ya musanta, kuma bai taɓa sauya maganarsa ba. Ranar da aka rantsar da shi a watan Maris, ɗaruruwan mutane sanye da baƙaƙen kaya, riƙe da baƙaƙen balan-balan, suka cika babbar mujami'ar garin suna ihu, har da ƙyar sabon bishop ɗin ya ratsa ta cikinsu. Mafi yawansu 'yan cocin ne masu zuwa sujada. A wannan shekarar aka ɗauki hoton bidiyon Fafaroma a dandalin Vatican yana cewa mutanen Osorno suna wahala ne saboda wauta, sun bari 'yan siyasar ɓangaren hagu suna juya su.

Jawabai huɗu cikin wata biyar

Fafaroma ya sauka Chile ranar 15 ga Janairun 2018. Washegari da safe, a fadar shugaban ƙasa, ya bayyana baƙin ciki da kunya a kan ɓarnar da wasu ma'aikatan coci suka yi wa yara, ya nemi gafara, ya ce dole a tabbatar abin bai sake faruwa ba. Ta fuskar lafazi babu abin kushewa a jawabin, kuma a ranar ya gana a asirce da wasu da aka ci zarafinsu. To amma jim kaɗan bayan jawabin, a babban taron sujada da aka yi a wani fili na Santiago, kyamarori suka nuno Barros cikin sahun bishop-bishop da ke jagorantar ibadar. Abin da 'yan ƙasar suka kwana suna tattaunawa ke nan. Jawabin ya yi magana a kan laifi a dunƙule, ba tare da ya taɓa takamaiman abin da jama'a ke tambaya ba, hoton kuma ya ba su amsar tambayar.

Jawabi na biyu ba shiryayye ba ne. Ranar 18 ga wata, a garin Iquique, wata 'yar jarida ta tambaye shi game da Barros, sai ya ce ranar da aka kawo masa hujja a kan bishop ɗin zai yi magana, babu hujja ko ɗaya, duk ƙazafi ne. Wannan shi ne musu a fili, kuma illarsa ta ninka saboda matsayin mai maganar. Mutanen da ya kira masu ƙazafi su ne waɗanda kotun cocin da kanta ta gaskata a 2011 lokacin da ta hukunta Karadima. Bayan kwana biyu Kardinal Sean O'Malley na Boston, wanda a lokacin shi ne shugaban hukumar kare yara da Fafaroman ya kafa, ya fitar da sanarwa cewa kalaman sun jawo raɗaɗi mai tsanani, kuma duk maganar da ke nufin “in ba ka da hujja ba za a yarda da kai ba” watsi ce da waɗanda aka zalunta. Ba kasafai kardinal ke gyara wa Fafaroma zance a bainar jama'a ba. A jirgin komawa gida Francis ya nemi afuwa a kan yadda ya furta maganar, amma ya ce har yanzu yana ganin Barros ba shi da laifi.

Abin da ya sauya alƙiblar lamarin aiki ne. A ƙarshen Janairu Fafaroma ya tura Akbishop Charles Scicluna na Malta, ƙwararren mai binciken irin waɗannan laifuffuka, ya je ya saurari mutanen. Scicluna da abokin aikinsa suka karɓi shaidar mutum 64, suka kai rahoto mai shafi 2,300. Daga nan jawabi na uku ya fito, wasiƙar 8 ga Afrilu zuwa ga bishop-bishop na Chile, inda Fafaroma ya ce ya tafka manyan kurakurai wajen auna lamarin da fahimtarsa, ya nemi gafarar duk waɗanda ya ɓata wa rai. A ƙarshen watan ya sauki mutum uku daga cikin waɗanda Karadima ya cuta a masaukinsa, ya zauna da kowannensu na tsawon sa'o'i. Ɗaya daga cikinsu, Juan Carlos Cruz, ya shaida wa manema labarai cewa Fafaroma ya gaya masa shi kansa yana cikin matsalar.

Wasiƙar ba ta tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. A cikin jimlar da ya amsa kuskure ya ƙara da cewa abin ya faru ne musamman saboda rashin sahihin bayani. Amma tun a watan Fabrairu an riga an ruwaito cewa Cruz ya rubuta masa doguwar wasiƙa a 2015, wadda aka danƙa wa Kardinal O'Malley domin ya isar. Masu suka sun ce rabin jimlar amsa laifi ne, rabi kuma uzuri. Masu kare shi sun ce ai da gaske manyan cocin Chile sun ɓoye masa abubuwa, kuma faɗin haka tuhuma ce a kansu. Duka biyun suna iya zama daidai, sai dai abin lura ga mai wa'azi shi ne yadda 'yar gajeriyar “saboda” ta isa ta buɗe ƙofar shakku a wasiƙar da ta fi dukkan na baya gaskiya.

A tsakiyar Mayu Fafaroma ya tara bishop 34 na ƙasar a Roma, ya ba su takardar da ta ambaci lalata takardun shaida, da matsa wa masu bincike lamba, da sauya wa masu laifi wurin aiki a maimakon dakatar da su. Ranar 18 ga wata suka sanar cewa dukkansu sun miƙa takardun murabus. A ƙarshen watan ya rubuta wa ɗaukacin mabiya a Chile, ya kira abin al'adar cin zarafi da rufa-rufa, ya kuma yaba wa waɗanda suka dage da magana duk da ƙaryata su da aka yi. Ranar 11 ga Yuni ya karɓi murabus ɗin Barros. Sai jawabi na huɗu, wanda ya fi sauran gajarta: ranar 17 ga Yuni, a cikin mujami'ar nan ta Osorno, Scicluna ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a gaban jama'a, ya ce Fafaroma ya aiko shi ya nemi gafarar kowane mai bi na yankin saboda ya raunata su ya kuma ɓata musu rai matuƙa. Wasu daga cikin jagororin masu zanga-zangar ba su shiga ba, suka tsaya a waje da kwalaye, suna cewa sulhu ba ya rigan gaskiya da adalci.

Idan aka jera jawaban za a ga cewa ƙarfin kowanne bai dogara da daɗin lafazinsa ba. Na Janairu ya fi tsari, amma an yi shi ne alhali ba abin da ya motsa. Na Yuni jimla ɗaya ce, amma ya zo bayan bincike, da ganawa, da saukar wanda ake ƙorafi a kansa, kuma an yi shi a wurin da aka ɓata wa mutane rai, ga mutanen da aka kira wawaye.

Hujjar masu cewa a rufa asiri, da iyakarta

A ƙasar Hausa, inda rufin asiri yake cikin addu'ar kowa ta yau da kullum, matsayin masu son a yi shiru ba abin rainawa ba ne, kuma yana da madogara a nassi. Hadisi ingantacce ya ce wanda ya suturta Musulmi Allah zai suturta shi duniya da lahira. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Aya ta 4 a Suratun Nur ta tanadi bulala tamanin ga wanda ya jefi kamammiyar mace da zina bai kawo shaidu huɗu ba, kuma surar ta ba da labarin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, wanda ya girgiza Madina kusan wata guda kafin wahayi ya wanke ta. A wajen Kiristoci, wasiƙar farko zuwa ga Timoti, sura 5 aya 19, ta hana karɓar ƙara a kan dattijon ikilisiya sai da shaidu biyu ko uku. Ga kuma abin da kowa ya sani, cewa a inda ƙungiyoyin addini ke hamayya da juna ana iya kitsa wa malami sharri, kuma sunan da ya ɓaci a kafafen sada zumunta da wuya ya dawo ko da an wanke mai shi.

Masu ɗaya ra'ayin ba su musanta waɗannan nassoshi ba, iyakarsu suke nunawa. Suturar da aka kwaɗaitar, in ji su, ta shafi zunubin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, wanda ya wuce kuma ba ya cutar da wani. Idan akwai wanda aka zalunta, ko akwai yaran da har gobe suna hannun mutumin, rufawa ta zama taimakon zalunci. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana, aya ta 135 kuma ta yi umarni da tsayar da shaida ko da a kan kai ne ko iyaye ko dangi. Imamu Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba ta haramun, cikinsu akwai kai ƙarar zalunci da gargaɗin jama'a daga sharri. Ayar da ke bin wadda aka ambata a wasiƙar Timoti ta ce masu yin zunubi a tsawata musu a gaban kowa domin saura su ji tsoro.

Akwai ma huɗuba sananniya a kan irin wannan yanayi. Lokacin da wata mace daga gidan Banu Makhzum, manyan Ƙuraishawa, ta yi sata, aka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, sannan ya miƙe ya yi wa jama'a jawabi cewa abin da ya halaka mutanen da shi ne in mai daraja ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi, ya kuma rantse cewa da Faɗimatu 'yarsa ce ta yi da ya zartar mata da hukuncin. Matar ba shugabar addini ba ce, amma tsarin huɗubar yana da amfani a nan: kaifinta bai sauka a kan mai laifin ba, ya sauka ne a kan ɗabi'ar manya ta kare nasu.

Inda ɓangarorin biyu suka fi saɓawa a aikace shi ne tsakanin ranar zargi da ranar hukunci, wanda kan ɗauki watanni. Masu sutura suna ganin dakatar da malami daga limanci tamkar yanke masa hukunci ne. Amma shaidu huɗu sharaɗi ne na tsayar da haddi, ba sharaɗin janye mutum daga muƙamin amana ba ne. Da mutanen Kufa suka kai ƙarar gwamnansu Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, har da cewa bai iya salla ba, Halifa Umar ya sauke shi, ya kuma tura a bi masallatan garin ana tambayar jama'a, inda kusan kowa ya yabe shi. Daga baya Umar ya faɗa a fili cewa bai cire shi don gazawa ko ha'inci ba. Ke nan ana iya ɗauke mutum daga kujera a kuma kare mutuncinsa a lokaci guda, muddin an bayyana wa jama'a cewa ɗaukewar ba hukunci ba ce.

Abin da huɗubar farko ke iya ɗauka

Daga waɗannan misalai ana iya fitar da fasalin jawabin farko. A ɗauka an kama malamin wata makarantar da ke ƙarƙashin masallaci bisa zargin lalata da ɗalibai, 'yan sanda suna bincike, kuma ya bayyana cewa wani uba ya taɓa kai kuka ga kwamitin masallacin a bara.

Tambayar farko ita ce wa zai hau mumbari. Wanda ake zargi ba zai hau ba, haka ma amininsa na kusa ko wanda aka ce shi ya danne ƙorafin farko, kuma bai kamata a gan su a bayan liman ko a kujerun manya a ranar ba, domin jama'a suna karanta sahun gaba kafin su saurari huɗuba. Sannan mai jawabin zai faɗi abin da aka sani da iyakarsa, a ce misali: “An kama wane, malamin makarantarmu, bisa zargi kaza. Hukuma tana bincike, ba a yanke hukunci ba, kuma mun dakatar da shi daga koyarwa har a gama.” Ba zai siffanta abin da ake zargin an yi dalla-dalla ba, ba zai faɗi abin da zai sa a gane yaran ko gidajensu ba, tun da a unguwa ɗaya ko ambaton aji ya isa a gane yaro.

Sashen da ya fi wuya shi ne na hukumar kanta. Akwai tazara mai nisa tsakanin “an yi sakaci” da “an kawo mana ƙorafi a bara, muka sasanta a cikin gida, ba mu sanar da hukuma ba, kuma wannan kuskurenmu ne”. Ta farkon ba ta ɗora wa kowa nauyi ba. Ta biyun tana iya jawo wa kwamitin tuhuma a gaban shari'a, shi ya sa lauyoyi kan hana faɗinta, kuma fargabarsu ba ta banza ba ce. Sai dai abin da ya faru a Chile ya nuna cewa takardu da shaidu sukan fito ko ba jima ko ba daɗe, kuma amsa laifin da aka yi bayan an tona ba ya da darajar wanda aka yi tun da fari.

Daga nan sai magana ga waɗanda aka cuta, da sanin cewa suna cikin masu sauraro, ko uwar yaron tana sashen mata tana ji ta lasifika, ko akwai wani da abin ya faru da shi shekaru goma da suka wuce bai taɓa gaya wa kowa ba. A gaya musu cewa laifin ba nasu ba ne, a hana jama'a tsangwamar iyalan da suka kai ƙara, a kuma faɗi takamaiman wanda za a samu da sabon ƙorafi, wanda ba ya ƙarƙashin wanda ake zargi, tare da bayyana cewa zuwa wajen 'yan sanda haƙƙinsu ne.

Maganar yafiya ita ce inda masu kyakkyawar niyya suka fi zamewa. Malamai sun ce tuba daga laifin da ya shafi haƙƙin wani ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafewar mai shi. Yafewar ta wanda aka cuta ce, in ya ga dama ya bayar, kuma idan aka neme ta daga mumbari a makon farko, a gaban dubban mutane, ta koma matsin lamba. Haka nan karɓar tuban mutum ba ya nufin mayar masa da makaranta ko mumbari. Ayar da aka zaɓa ma tana magana: wanda ya buɗe da ayoyin ƙazafi ya riga ya nuna wa jama'a wanda yake tuhuma, kamar yadda faston da ya zaɓi “wanda ba shi da zunubi ya fara jifa” ya yi, alhali labarin Annabi Natan da ya tunkari Sarki Dawuda da laifinsa yana nan a littafin Sama'ila na biyu, sura 12.

Abin da ke biyo baya ga talakawa

Ga iyalan da abin ya shafa, huɗubar farko ita ce ke yanke ko za su ci gaba da zama a unguwar cikin mutunci ko za a mayar da su maƙiyan addini. Ga sauran iyaye, ita ce ke nuna musu ko akwai amfanin kai ƙara gobe. Arewacin Najeriya ya ga wani abu makamancin haka a Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, aka kuma gano irinsa a Daura bayan 'yan makonni. Yawancin waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, bisa amanar da suka ba sunan malanta.

Hanyar da mai sauraro zai bi ya auna jawabi ita ce ya duba ko an yi alkawarin da za a iya bincikawa, mai suna da rana, sannan ya jira ya ga ko an dawo da bayani. A Cocin Katolika wani ɓangare na wannan ya zama doka a watan Mayun 2019, lokacin da Francis ya wajabta wa kowace dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, ta buɗe hanyar karɓar ƙorafi da jama'a za su iya kaiwa gare ta, ya wajabta wa limamai sanar da hukumar coci abin da suka sani, ya hana a tilasta wa mai ƙorafi yin shiru, ya kuma shimfiɗa yadda za a binciki bishop ɗin da ya yi rufa-rufa. An tabbatar da dokar dindindin a 2023, kuma tana aiki a kan dayosis na Kano da Sakkwato da Kaduna da Maraɗi kamar yadda take aiki a Santiago. Masu suka suna cewa ba ta wajabta kai rahoto ga 'yan sanda a ko'ina ba, ta bar wannan ga dokar kowace ƙasa, kuma bishop ne ke binciken bishop. Masallatai da coci-coci masu zaman kansu ba su da irin wannan tsani na shugabanci, don haka nauyin yakan faɗa kan kwamiti, ko ƙungiyar da masallacin ke ƙarƙashinta, ko masarauta.

A Chile an kori Karadima daga limanci gaba ɗaya a Satumbar 2018, ya mutu a 2021 ba tare da ya yi zaman kurkuku ba. Zuwa Maris na 2019 Fafaroma ya karɓi murabus ɗin bishop takwas, ciki har da na Kardinal Ricardo Ezzati na Santiago, abin da wasu suka ga ya yi kaɗan. A wannan watan wata kotun ɗaukaka ƙara ta umarci cocin Santiago ya biya kowanne daga cikin mutum ukun nan diyyar peso miliyan 100, a Yulin shekarar kuma ƙasar ta soke wa'adin gurfanarwa a laifuffukan lalata da yara, ko da yake sokewar ba ta shafi laifuffukan baya ba. Cruz, wanda aka kira mai ƙazafi a Janairun 2018, an naɗa shi mamba a hukumar kare yara ta Vatican a 2021. Jama'ar da ta fice kuwa ba ta dawo ba: a ƙidayar 2002 kashi 70 cikin ɗari na 'yan Chile masu shekara 15 zuwa sama sun ce su Katolika ne, a ƙidayar 2024 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 54. Raguwar ta faro tun kafin badaƙalar kuma tana da wasu dalilai, amma babu alamar cewa neman gafarar 2018 ya tsayar da ita.